An Ce Yogot Ɗinka Ya Kwantar da Yara: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kamfanonin Abinci a Zariya

Na yi shekaru ina aiki a sashen kula da ingancin kaya na wata masana'antar yogot, kuma har yau masu ƙananan kamfanoni a Zariya kan neme ni idan abu ya taso. Yawanci kiran dare ne, murya na rawa: "Malam, wani saƙo ne ke yawo a waya, wai kayanmu ya sa yara amai." Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake yi mini a irin wannan daren. Na tsaya a kan yogot saboda shi na sani ciki da bai, amma mai gidan burodi da mai ruwan leda da mai zoɓon gora duk za su ga kansu a ciki.

Don kada mu yi ta magana a iska, mu ƙaddara wani kamfani a bayan gari. Ranar Alhamis ya yi kwaɓi biyu. Na biyun lita 1,200 ne, ya ba da gora 2,400 masu rabin lita, wato fakiti 200 na sha biyu-sha biyu, kowace gora ɗauke da lamba `BN 14B`. Ranar Asabar aka sha fakiti 20 a wata walimar saukar Alƙur'ani a Tudun Wada. Bayan sallar isha'i saƙon murya ya fara zagaya zaurukan WhatsApp, wata mata na kuka tana cewa yara sun fi goma a asibiti, kowa ya guji yogot ɗin kamfani kaza.

Saƙon ya shigo wayata yanzu. Me zan fara yi?

Kafin ka ce wa duniya komai, ka tsayar da kayan. Kira mai sito ka ce kada gora ɗaya ta sake fita, ko ta wane kwaɓi ce, a kulle ɗakin sanyi a kawo maka makulli. Motar da aka loda don fitar asuba a sauke ta. Kada a zubar da komai, kada kuma a shiga wanke injina a daren, domin abin da zai nuna maka gaskiya gobe yana jikin bututun nan da gorunan nan.

Sannan ka nemi lambar kwaɓin. Tura mutum mai hankali gidan walimar ya roƙi ko da gora ɗaya da aka sha aka yar, ko a ɗauko maka hotonta. A jikinta akwai lambar kwaɓi da ranar da aka yi da ranar ƙarewa da lambar rajistar NAFDAC. Da wannan za ka fara sanin ko kayanka ne ko jabu, kuma in naka ne, na wace rana. Sai a buɗe littafin fitar da kaya. A misalinmu littafin ya nuna fakiti 60 sun je wurin dila a Sabon Gari, 40 Samaru, 30 Tudun Wada, 25 Giwa, 20 gidan walima, 25 suna nan a ɗakin sanyi. In littafinka zai iya ba ka wannan amsa cikin rabin sa'a, rabin wahalarka ta ragu tun a daren. In ba zai iya ba, dole ka janye duk abin da ke kasuwa, tunda ba ka da hanyar ware mai laifi daga mara laifi.

Ai ban tabbatar kayana ne ba. Me zai sa in fito in yi magana tun yanzu?

Saboda tabbacin da kake jira ba zai zo da wuri ba. Ɗakin gwaji ba ya duba gora ya ba da amsa nan take, sai an shuka samfurin an jira ƙwayoyin su tsiro. Wasu kwana ɗaya zuwa biyu suke ɗauka, wasu irin su Salmonella kwana uku zuwa biyar, ƙwayoyin yis da funfuna kuwa wajen kwana biyar. Saƙon murya ba ya jiran kowa. Duk wanda ke da wayo a 2014 ya tuna daren da aka tashe shi aka ce ya yi wanka da ruwan gishiri saboda Ibola. Kafin gari ya waye maganar ta gama ƙasa. Mutanenmu kuma ba su manta da 2021 ba, lokacin da garin haɗa lemo da ake kira ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano, wasu suka rasu. Uwar da ta ji saƙon nan tana da hujjar tsorata.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne gora 1,860 suna nan a firjin shaguna da kulolin masu talla, kuma gobe da safe wani zai saya wa ɗansa. In kayan lafiya lau ne ka janye, kuɗi ka yi asara. In ba lafiya ba ne ka yi shiru kwana biyar, hakkin duk yaron da ya sha a kwanakin nan yana wuyanka, a nan duniya da gobe ƙiyama. Wannan lissafin ba ya buƙatar sakamakon gwaji.

To me zan faɗa, tunda ban san musabbabin ba?

Ka faɗi abin da ka sani, da abin da ka riga ka yi, da abin da kake so mutane su yi, da lokacin da za su sake jin muryarka. Ga yadda zan so in ji shi, bai kai minti biyu ba:

"Assalamu alaikum. Ni ne shugaban kamfani kaza da ke nan Zariya. Labari ya iso mu a daren nan cewa wasu yara sun kamu da amai da gudawa bayan wata walima a Tudun Wada inda aka sha yogot ɗinmu. Muna yi musu addu'ar Allah Ya ba su lafiya, kuma mutanenmu suna asibiti tare da iyayensu. Har yanzu ba a gano musabbabin ba, amma ba za mu jira ba. Duk mai gorar yogot ɗinmu mai lamba `BN 14B`, don Allah kada ya sha, kada ya ba yaro. Lambar tana saman gora kusa da murfi. Ya mayar inda ya saya, za a ba shi kuɗinsa, ba sai da rasit ba. Wanda ya riga ya sha, in ya ga amai ko gudawa, ya fara shan ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kemis, ya tafi asibiti, musamman in yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu. Mun dakatar da aiki, muna sanar da NAFDAC da jami'an lafiya. Gobe Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, in Allah Ya kai mu, zan sake sanar da ku inda aka kwana. Mai tambaya ya kira lambar da ke jikin gorar."

Ka lura ba a ce kayanmu ba su da matsala ba, ba a kuma ce su ne suka jawo ba. Babu tarihin shekarun da kamfani ya yi yana hidima, babu rantsuwa. Na sha jin mai kamfani ya fara da "wallahi tallahi kayanmu tsaf suke", ranar Laraba kuma sakamako ya fito ya ƙaryata shi, ya rasa bakin da zai sake fuskantar jama'a da shi. Duk kalmar da ba ka da takardar da za ta tsaya mata, bar ta a cikinka. Alƙawarin ƙarfe huɗu kuma ka cika shi ko da babu sabon labari. Ka fito ka ce ga adadin da aka dawo da shi, gwaji bai fito ba, sai jibi.

Wa ya kamata ya yi maganar, kuma ta wace hanya?

Mai kamfanin da kansa, da muryarsa, da Hausa. In ba ya iya magana cikin natsuwa idan ransa ya ɓaci, manaja ya yi, amma mutum ɗaya ne zai riƙe bakin kamfani daga farko har ƙarshe.

Hanya kuwa, bi wadda jita-jitar ta bi. Da murya ta zo, da murya za ka tare ta. Takardar sanarwa da Turanci mai hatimi tana da amfani wurin hukuma da 'yan jarida da jama'ar jami'a a Samaru da Kongo, amma matar da ke cikin gida a Ƙofar Doka ba za ta gan ta ba, in ta gani ma ba ita za ta tura wa ƙawayenta ba. Ka tura saƙon ga diloli su watsa a zaurukansu, ka haɗa da hoton gorar an zagaye lambar da jan layi. Ka sayi fili a rediyo da safe da bayan magariba, domin ƙauyukan Giwa da Soba rediyo ne ke isa can. Ka je da ƙafarka wurin mai unguwar da abin ya faru da limamin masallacinsu da shugaban makarantar da ta yi walimar. Idan liman ya faɗi bayan sallar asuba cewa mai kamfani ya zo, ya ce a mayar da gora mai lamba kaza, ya fi maka tallar wata guda.

Ta yaya zan gane ko da gaske kayana ne, ko wani abin suka ci?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu kamfani suka fi yaudarar kansu, domin zuciya tana son a ce shinkafar walima ce.

Ka sa mutum ɗaya kan waya da littafi a gabansa. Duk wanda ya kira a rubuta unguwarsa, inda ya sayi kayan, lambar gorar, ƙarfe nawa aka sha, ƙarfe nawa ciwo ya fara, da me da me aka ci ban da yogot, da kuma ko akwai wanda ya sha bai ji komai ba. Tazarar da ke tsakanin sha da fara ciwo tana magana sosai. Amai mai ƙarfi da ya taso cikin rabin sa'a zuwa sa'a takwas ya fi kama da gubar ƙwayar Staphylococcus, wadda kan fito daga hannu ko hancin mai aiki ta hayayyafa a abincin da aka bari cikin ɗumi. Gubar nan tafasa ba ta kashe ta. Gudawa da zazzaɓi da suka zo bayan sa'a shida har zuwa kwanaki sun fi kama da Salmonella. In kuwa damina ce, gudawar kamar ruwan shinkafa take, har da waɗanda ba su je walimar ba a unguwar suna kwance, likitoci za su duba kwalara da rijiyar unguwa. Hukuncin na likita ne da jami'an lafiya. Kai abin da littafinka zai ba ka shi ne alkibla.

Alkiblar kuwa a taswira take. In duk masu ƙorafi daga gidan walima ɗaya suke, inda aka ci shinkafa da salak da zoɓo, ƙofa a buɗe take, zai iya zama kowanne daga ciki. In kuwa kira ya fara shigowa daga wuraren da ba abin da ya haɗa su sai gorarka, magana ta ƙare. A misalinmu, ranar Lahadi da hantsi mai shago a Samaru ya kira ya ce gorunan da ke firjinsa sun kumbura, wata ta yi tsartuwa da ya buɗe, kuma `BN 14B` ce. Wata mata a Muciya ta ce 'yarta ta kwana tana gudawa, ba ta ma san an yi walima ba.

Sai ka koma takardar kwaɓin. Yogot mai kyau ana dafa madararsa zuwa digiri 85 a riƙe ta rabin sa'a, a huce ta zuwa wajen digiri 43, a zuba iri, a bar ta ta yi tsami har awon tsamin da ake kira pH ya sauka zuwa 4.6 ko ƙasa, sannan a sanyaya zuwa digiri 4 ko 5. Tsamin nan da sanyin nan su ne masu gadin gorar. Takardar kwaɓi na biyu ta nuna an ɗura a pH 5.0, tun tsami bai kai ba, saboda ana saurin cika odar walima, layin da ake sa hannu cewa an wanke injin ɗuri tsakanin kwaɓi biyun babu sa hannun kowa, mai gadi kuma ya ce wuta ta ɗauke a daren, janareto bai tashi ba sai asuba. Mai wannan takarda ba ya buƙatar jiran sakamakon gwaji kafin ya san inda ya dosa. A ɗauki samfuri uku a kai gwaji cikin kula da ƙanƙara: gorunan ajiya da kamfani ke warewa daga kowane kwaɓi, na ɗakin sanyi, da waɗanda aka dawo da su daga kasuwa. In na ajiya lafiya suke na kasuwa ne suka lalace, matsalar a hanya ko a firjin dila take. In duka sun lalace, daga gida ne.

Na sanar a janye, amma diloli ba sa dawo da kayan. Me ke faruwa?

Kuɗi ne. Dila ya biya ka ranar Juma'a, jarinsa ke cikin fakitin nan. In abin da ya ji daga gare ka shi ne "kawo kayan, za mu duba", ba zai kawo ba. Zai karya farashi ya ba yaran da ke yawo da kula a tasha da Kwangila, ko ya tura ƙauye inda labari bai kai ba. Ba lallai mugu ne ba, tsoron karyewa yake yi. Saboda haka sanarwar da za ka yi wa diloli daban take da ta jama'a, kuma jimlarta ta farko ita ce kuɗinsa na nan. Motar kamfani ce za ta je ta kwaso, direba na riƙe da kuɗi ko a tura ta banki kafin mota ta tashi. Kuɗin da dila ya mayar wa mai saye, kamfani ne zai biya shi. Gorar da aka buɗe aka sha rabi ma a karɓa.

Kira za ka yi, mutum-mutum, ba saƙon zaure kaɗai ba. "Alhaji, don girman Allah ka taimake ni, ka sa yaranka su dawo da duk abin da suka fita da shi yau." Yaran tallan nan su ne ƙarshen igiyar, kuma ba ka da sunan ko ɗaya daga cikinsu, dila ne ya san su.

Kowace yamma a yi lissafi a rubuce. Gora 1,860 ke waje. Zuwa Talata an dawo da 1,310, diloli sun tabbatar an sayar da 400 kafin sanarwa, saura 150 ba a san inda suke ba, kuma kusan duka daga kason Giwa. Wannan lissafin ne zai gaya maka inda za ka tura mota da inda za ka ƙara sanarwar rediyo. Shi ne kuma abin da za ka faɗa wa jama'a da hukuma, da adadinsa. Kayan da aka dawo da su a ware musu wuri, a rubuta a jiki, a kulle. Kada a lalata su sai da sanin hukuma, kuma kada a bar wa leburori su kai gida. Na taɓa ganin an zubar da kaya a bola da rana, kafin la'asar almajirai sun tsince su.

In kai kaina wurin NAFDAC? Ai za su rufe mini kamfani.

Mai yiwuwa su rufe na ɗan lokaci. Amma saƙon da ya iso wayarka ya iso tasu, kuma zuwan da suka yi bisa kiranka ba ɗaya yake da zuwan da suka yi bisa bidiyon da ke yawo ba. Ka kira ofishinsu na Jihar Kaduna ko da ƙarshen mako ne, ranar Litinin da safe ka kai takarda: sunan kaya, lambar rajista, lambar kwaɓi, adadin da aka yi, inda aka kai, matakin da ka ɗauka da lokacin da ka ɗauke shi. Hukumar tana da ɗakin gwaji a Kaduna, kuma sakamakonta jama'a suka fi yarda da shi a kan na ɗakin gwajin da kai ka biya.

Ka kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukumar da abin ya faru, Zariya ko Sabon Gari, domin akwai jami'in sa ido kan ɓarkewar cututtuka da duba-gari, su ne za su bi sawun marasa lafiya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora wa mai kaya nauyin sanar da jama'a da janye kaya da zarar ya gano suna da haɗari. Kenan sanarwar nan wajibi ce a kanka.

Yaya zan yi da iyalan yaran da ke kwance?

Ka je, a ranar farko, ba tare da mai ɗaukar hoto ba. In mata ne ke jinya, ka tafi da dattijuwa daga gidanka ko daga ma'aikata, ka fara neman uban yaron ko wani babba a dangi. Ka yi sannu, ka tambayi jiki, ka biya kuɗin magani da ƙarin ruwa a wurin biyan kuɗi na asibiti, a ba ka rasit. Wannan taimako ne ga mara lafiya, kuma ba sai an gano mai laifi ake yin sa ba.

Abin da ba na so in sake gani shi ne ambulan. Na taɓa raka wani manaja duba yarinya 'yar shekara shida, an ɗaura mata ruwa a bayan hannu, leɓenta ya bushe. Ya zaro ambulan ya tura ƙarƙashin filo, ya ce wa uwar a bar maganar a nan. Ba ta ko kalli kuɗin ba. Tambaya ɗaya ta yi masa, me 'yarta ta sha, domin likita ya tambaye ta ba ta da amsa. Manajan bai zo da gorar ba, bai zo da jerin abin da ke cikinta ba. Kafin dare labarin ambulan ya fi labarin ciwon yawo a unguwa. Tun ranar nake cewa a tafi asibiti da takardar abubuwan da aka haɗa kayan da su, a miƙa wa likita, a bar masa lambar wayar mai kula da inganci. Batun diyya in ya taso daga baya, a zauna da lauya da dattawan iyali a fili.

Na tabbata aikin maƙiya ne. In sa a kama wadda ta yi saƙon?

A'a. Ko da kana da abokan hamayya, kuma kowa na da su, ranar da yara ke kwance kalmar "maƙiya" tana shiga kunnen iyaye a matsayin ka ce 'ya'yansu ƙarya suke yi. A watan Satumba na 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi zaƙi da yawa, aka kai ta wurin 'yan sanda. Rubutun da zai mutu cikin kwana biyu ya zama labarin ƙasa na watanni, har da kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan. Matar da ta yi saƙon Tudun Wada, nemo ta za ka yi ka saurare ta, domin ita ce shaidarka ta farko a kan abin da ya faru.

In ka gano jabu ne ake yi da sunanka, ka kai gorar gaske da ta jabu wurin NAFDAC, ka nuna wa jama'a hotonsu gefe da gefe da bambancin murfi ko rubutu. In saƙon ya ƙara gishiri, ya ce an rasu alhali ba a rasu ba, ka gyara wannan guda ɗaya bayan ka tabbatar daga asibiti, ba tare da zagin kowa ba.

Ma'aikatana fa, da 'yan jarida?

Ka tara ma'aikata kafin su ji a rediyo, har da mai gadi da direbobi, domin su ake tarewa a majalisa da wurin mai shayi. Ka gaya musu gaskiya, ka gaya musu makomar albashinsu a kwanakin da aka tsaya, ka roƙe su duk mai tambaya su ba shi saƙon kamfani da lambar waya. Kada ka kori kowa a makon. In ka kori yaron da bai wanke inji ba, sauran za su rufe baki, ba za ka taɓa jin wanda ya ce masa ya yi sauri ba.

Ɗan jarida kuwa a ɗaga wayarsa. In ya tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tukuna, ga ranar da kake sa ran sani.

Sakamako ya fito. Yaya zan sanar?

In ya wanke ka, ka fitar da takardar kanta mutane su gani, ka gode wa waɗanda suka dawo da kaya, ka sake yi wa yaran addu'a, kada ka yi shagali ko habaici. Ka kuma tsaya inda takardar ta tsaya. Ta ce samfuran da aka gwada ba a sami komai a cikinsu ba, to haka za ka faɗa.

A misalinmu bai wanke kamfanin ba. An sami ƙwayoyin kolifom fiye da ƙima har a gorunan ajiya, alamar ƙazanta ta shiga bayan an dafa madara. A nan mai kamfani zai fito da muryarsa ya ce laifin namu ne, muna neman afuwa, ga abin da ya faru: an ɗura kafin tsami ya kai, ba a wanke inji ba, sanyi ya yanke. Sannan ya faɗi gyaran da za a iya zuwa a gani da ido. Daga yau ba a ɗuri sai mutum biyu sun sa hannu a kan awon tsami, an sa ma'aunin sanyi mai rubuta kansa a ɗakin sanyi, an tanadi janareto na biyu, ba a karɓar odar biki sai da sanarwar kwana biyu. Kada a ce "kuskuren wani ma'aikaci ne". Yaron ba shi ya karɓi odar da ta fi ƙarfin injin ba. Bayan hukuma ta ba da izinin komawa aiki, ka gayyaci diloli da mai unguwa da malaman makarantar su shigo su zagaya, su sa hula da takalmin aiki su ga layin ɗuri. Kasuwa za ta dawo a hankali, wasu shaguna sai sun ga wata biyu ko uku lafiya kafin su sake karɓa, kuma a wannan tsakanin ba na ba da shawarar canza suna ko kwali, domin mutanen Zariya za su gane, su kuma ɗauka ɓuya ake yi.

Ni abin bai same ni ba. Me zan tanada tun yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shafi biyu sun isa, a manna ɗaya a ofis, ɗaya a sito. A rubuta wa ke da ikon tsayar da kaya in Alhaji yana Umara ko wayarsa a kashe, wa ke magana da yawun kamfani, wa ke riƙe wayar ƙorafi. A jera lambobin diloli duka, da na ofishin NAFDAC, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da ɗakin gwaji, da lauya, da mutum ɗaya a gidan rediyo. A rubuta saƙon farko a bar gurbin lamba da unguwa. A ware kuɗin da za a iya fanso kwaɓi ɗaya cikakke daga kasuwa. Daga kowane kwaɓi a ajiye gora kaɗan a firji na daban har ranar ƙarewarsu ta wuce.

Sai gwaji. Wata rana ba tare da sanarwa ba, ka ɗauki gora ɗaya daga sito ka karanta wa manaja lambarta, ka ce ya gaya maka adadin da aka yi da duk inda aka kai, ka duba agogo. Inda muka fara yin haka, sa'a huɗu aka ɗauka, kuma fakiti talatin ba a gano inda suka shiga ba, saboda direba kan sauke wa wasu shaguna a hanyar Shika ba tare da rubutawa ba. Muka ƙara layi ɗaya a takardar direba na lambar kwaɓi da sa hannun mai karɓa. Da aka maimaita bayan wata biyu, minti ashirin da biyar aka yi.